Jan igiya da dokar Newton ta uku: me ya sa ja da martaninsa ba sa soke juna

A shekarar da na fara koyar da fiziks a wata sakandaren ƙauye da ke yankin Gumel, na rubuta dokar Newton ta uku a allo yadda aka koya mini: duk wani aiki yana da martani daidai da shi a girma, mai fuskantar akasin inda aikin ya fuskanta. Wata ɗaliba da ke zama a bencin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, in dai ƙarfin da na ja mutum da shi daidai yake da wanda ya ja ni da shi, yaya ake yi wani ɓangare ya ci wasan jan igiya?" Na ce mata wanda ya fi ja shi ke ci. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Amma Malam, yanzu ka ce daidai ne." Aka kaɗa ƙararrawa, na fita ban ba ta amsa ba. Abin ya tsaya mini a rai kwana da kwanaki, domin amsar da na bayar kuskure ce, kuma aji guda ya ji ta daga bakina.

Tun daga nan na daina koyar da wannan doka a allo kawai. Abin da zan bayyana a ƙasa shi ne hanyar da nake bi yanzu, da igiya da sikeli da filin makaranta. Malami zai iya yin ta a darasi biyu. Ɗalibin da ke shirin WAEC ko NECO shi ma zai iya yi da abokansa biyu ko uku a ƙofar gida.

Kayan da za a tanada

Ana buƙatar igiya mai kauri, tsawon kamar mita 8 zuwa 10. Igiyar rama ko ta auduga ta fi. A guji siririyar igiyar roba irin ta shanya ko ta guga, saboda tana miƙewa in an ja ta, in kuma ta tsinke sai ta dawo kamar bulala, ga shi tana cin tafin hannu. Sai sikelin ratayewa mai ƙugiya guda biyu, irin wanda masu sayen riɗi da zoɓo ke auna buhu da shi, mai kai kilo 100. Ni wajen wani mai sayen hatsi a garin nake aro, ranar da ba Alhamis ba, tunda Alhamis yana kasuwar Maigatari da kayansa. Sai buhun leda wanda ba komai a ciki, da tsumma ja da za a ɗaura a tsakiyar igiya, da gajerun sanduna biyu masu ƙwari.

Kafin komai, a gwada sikelan. A rataya jarka mai lita 20 cike da ruwa a jikin na farko, sannan a jikin na biyu. Ya kamata kowanne ya nuna kusan kilo 20. In ɗaya ya nuna 20 ɗaya ya nuna 23, a gyara allurar ko a rubuta bambancin a gefe, in ba haka ba yara za su ga bambancin a fili su ce doka ta faɗi ƙarya.

Sikeli kilo yake nunawa, amma abin da yake ji a zahiri ja ne. Ma'aunin ƙarfi a fiziks shi ne niyuton, ana rubuta shi N, kuma jan da ya sa allura ta nuna kilo 1 kusan niyuton 10 ne. Saboda haka kilo 30 a sikeli na nufin ja na kusan niyuton 300.

Doka ɗaya ce ba na sassauta ta: ba wanda zai naɗe igiya a hannu, ko ya zura yatsa cikin ƙulli. Riƙo kawai, yadda in abu ya ɓaci mutum zai saki nan take.

Mataki na farko: a gani da ido cewa ja biyun daidai suke

A haɗa sikelan biyu ƙugiya da ƙugiya. A zura sanda a zoben kowanne domin a samu wurin riƙo. A zaɓo wanda ya fi kowa ƙarfi a ajin, irin yaron da ya saba riƙe garmar shanu da damina, a ba shi sanda ɗaya. A ba mafi ƙanƙanta ɗaya sandar. A sa mutum biyu su tsaya a gefe, kowa yana karanta sikeli guda da ƙarfi.

A ce wa babban ya ja, ƙaramin kuma ya riƙe kawai, kada ya ja. Masu karatu za su faɗi lamba ɗaya: 12 da 12, 18 da 18. Sai a juya, ƙaramin ya ja, babban ya riƙe. Lamba ɗaya dai. Daga nan a ce wa babban ya ja a hankali har ya taho da ƙaramin. Nan ne ajin ke yin tsit, domin ƙaramin yana jan ƙafa yana tafiya gaba, amma alluran biyu suna tafiya tare, in ɗaya ta hau ɗayar ta hau, in ta sauka ta sauka. Gani ya kori ji.

Kullum sai an samu wanda zai ce a bar shi ya gwada, shi zai sa nasa sikelin ya fi na abokinsa. A bar shi. Zai fizga, zai lallaɓa, zai ce wa ɗayan ya sassauta. Da ɗayan ya sassauta, nasa sikelin ma sai ya sauka. Abin da zai gane da jikinsa shi ne ba za ka iya jan abu da ƙarfin da shi abin ba ya jan ka da shi ba. Ja ba abu ne da mutum ɗaya ke ajiye da shi a damtse ba. Hulɗa ce tsakanin abu biyu, mai bakin nan da bakin can, kamar yadda igiyar kanta take da baki biyu. Abin da Isaac Newton ya bayyana ke nan a shekarar 1687. Kalmomin aiki da martani ma suna ɗan ruɗarwa, don suna sa a zaci ɗaya ne ke fara zuwa sannan ɗayan ya biyo baya. Tare suke tashi, tare suke gushewa, kuma duk wanda ka ga dama a cikinsu kana iya kiran sa aikin.

Mataki na biyu: a zana wa kowa da'irarsa

Yanzu tambayar yarinyar nan ta ƙara ƙarfi. An tabbatar ja biyun daidai suke, to me ya sa ƙaramin ya tafi?

Ina zana da'ira biyu a ƙasa da tsinke, ɗaya kewaye da babban, ɗaya kewaye da ƙaramin. Sai in ce: duk lokacin da muke son sanin ko wani abu zai motsa, ƙarfin da ke taɓa shi kaɗai za mu ƙirga. Abin da shi yake yi wa wasu ba ya cikin lissafinsa. Sai in tambaya, jan da babban ke yi, a jikin wa yake sauka? A jikin ƙaramin. Mu zana kibiyarsa a da'irar ƙaramin. Jan da ƙaramin ke yi fa? A jikin babban. Kibiyarsa tana da'irar babban. To ga kibiyoyi biyu, tsawonsu ɗaya, suna kallon juna, amma ba su cikin da'ira ɗaya. Ba inda za su haɗu balle su soke juna.

Misalin da ke shiga kan yara shi ne na kuɗi. In na zaro naira 500 daga aljihuna na ba ka, nawa ya ragu da 500, naka ya ƙaru da 500. Ragi da ƙarin daidai suke ba ko kwabo. Amma ba mai hankalin da zai ce tunda ragi da ƙari sun zo daidai, ba abin da ya faru da ni ko da kai. Aljihu biyu ne. Wanda ya haɗa kuɗinmu gaba ɗaya ya ƙirga, shi ne zai ga jimilla ba ta canja ba, kuma za mu dawo kan wannan a gaba.

Soke juna na faruwa ne kawai in ƙarfi biyu sun sauka a kan abu guda. Aiki da martani kuwa har abada a kan abu biyu daban suke sauka.

Mataki na uku: a nemo abin da aka manta da shi a ƙarƙashin ƙafa

A koma da'irar ƙaramin. Kibiya ɗaya ce a ciki, tana jan sa gaba. In ita kaɗai ce, da ko ja kaɗan aka yi sai ya tafi. Amma mun ga ya tsaya cak lokacin da sikeli ke nuna 12 da 18. Ke nan akwai wani abu da ke tura shi baya da muka manta. Ina barin yara su nema da kansu. Wasu su ce ƙarfin zuciya, wasu su ce nauyinsa. Sai in ce su dubi sawunsa a ƙasa. Ga inda diddigensa ya kwashi ƙasa ya tara ta a gabansa.

Ƙafarsa tana tura ƙasa gaba, wajen abokin karawarsa. Ƙasa kuma tana tura ƙafarsa baya. Wannan wata hulɗa ce daban, mai nata aiki da martani. Turin da ƙafa ke yi a kan ƙasa yake sauka, ba ya cikin da'irar yaron. Turin da ƙasa ke yi a kan yaron yake sauka, shi ne kibiya ta biyu a da'irarsa. A littafi ana kiran sa gogayya, ni nakan ce riƙon ƙasa, don yara sun fi gane haka.

Yanzu kowace da'ira tana da kibiya biyu a kwance: ja yana kai mutum gaba, ƙasa tana mai da shi baya. Su waɗannan biyun suna kan jiki ɗaya, don haka suna iya soke juna. In sun zo daidai mutum ya tsaya. In ja ya fi, a tafi da shi. In turin ƙasa ya fi, shi ya yi baya da igiya. Abin lura shi ne ba dokar da ta ce dole su zo daidai. Daidaiton aiki da martani na kullum ne, ko ana tsaye ko ana gudu. Daidaiton ja da riƙon ƙasa kuwa na wani lokaci ne, kuma rushewarsa ita ce cin wasa.

Jan da ke kan ɓangarorin biyu ɗaya ne. Bambancin yana ƙasa. Wanda ƙasa ta fi turawa shi ke ci.

Don a tabbatar ba magana ce kawai ba, a koma barandar aji inda akwai siminti mai santsi. A share ta, a shimfiɗa buhun leda, babban ya zauna a kai ya naɗe ƙafafunsa yadda ba za su taɓa simintin ba. A zaune, ba a tsaye ba, don kada ya faɗi ta baya. Ƙaramin ya tsaya da takalmi mai ƙasan roba, ba silifas ba. A ba su igiya. Ƙaramin zai janyo babban kamar buhun ƙaiƙayi, kuma iya ƙarfin da babban ya ja, iya saurin da zai zamo zuwa wajen ƙaramin. Damtsensa na nan yadda yake, ƙasa ce ta daina ba shi haɗin kai. Ranar da na fara yin wannan, mai gadin makarantar, wani dattijo da ya daɗe yana noma da shanu, yana tsaye yana kallo. Ya ce, "Malam, ai ko sa ne, in ka kai shi cikin taɓo ba ya jan garma." Na ce, "Baba, ka gama darasin." Da gaske nake, domin abin da ya faɗa shi ne ainihin maganar.

Ita igiyar fa?

A mataki na farko sikeli da sikeli muka haɗa kai tsaye. A wasa na gaske akwai igiya a tsakani, kuma nan ne ko masu ƙoƙari a aji suke zamewa. Mu kira ɓangarorin wasan biyu 'yan gabas da 'yan yamma. Ɗaliban sukan ce jan da 'yan gabas ke yi wa igiya da jan da 'yan yamma ke yi mata su ne aiki da martani. Ba su ba ne. Duka biyun a kan igiya suke sauka, abu guda. Abokin jan da 'yan gabas ke yi wa igiya shi ne jan da igiya ke yi wa 'yan gabas. Haka can ɓangaren yamma. Ke nan in aka lissafa abin da ke kwance a wasan, hulɗa huɗu ce: gabas da ƙasa, gabas da igiya, igiya da yamma, yamma da ƙasa. Kowace tana da kibiya biyu, takwas ke nan. A zana da'ira ta uku a kewaye igiya, a raba kibiyoyin: biyu a da'irar gabas, biyu a ta igiya, biyu a ta yamma. Ragowar biyun suna kan doron ƙasa, wanda girmansa ya sa ba ma ganin tasirinsu.

To me ya sa jan bakin igiya biyu ke zuwa kusan daidai? Saboda igiyar ba ta da nauyi sosai, don haka ɗan bambanci ƙanƙani ya ishe ta ta motsa. Za a ga adadinsa a lissafin da ke tafe.

Akwai gwaji guda da ya cancanci minti biyar a nan. A sa sikeli ɗaya a tsakiyar igiya, mutum biyu su ja har allura ta tsaya a 25. Kafin a fara, a tambayi aji me zai nuna in kowa yana ja da na kilo 25. Wasu za su ce 50, wasu su ce sifili. Sai a ɗaure baki ɗaya a gindin darbejiya, mutum ɗaya ya ja yadda ya ja ɗazu. Allura 25 dai. Bishiyar tana jan igiya daidai yadda abokin nan ya ja ta, igiyar ba ta san bambanci ba. Abin da sikeli ke aunawa tsaurin igiya ne, ba jimillar ɓangarori biyu ba.

Mataki na huɗu: a yi lissafin wasa guda daga farko har ƙarshe

Mu ɗauki mutum uku uku. 'Yan gabas sun haɗa kilo 180, 'yan yamma kilo 150. Nauyin da 'yan gabas ke danna ƙasa da shi kusan niyuton 1,800 ne, na 'yan yamma 1,500.

Riƙon ƙasa yana da iyaka, kuma iyakar ta danganta da abu biyu: yadda mutum ya danna ƙasa, da irin kamun da ke tsakanin tafin ƙafa da wurin. Ana rubuta shi haka:

```
f = μR
```

A nan f ita ce iyakar riƙon, R kuma shi ne turin da ƙasa ke yi sama, wanda a fili mai shimfiɗe ya zo daidai da nauyin mutum. Ita μ lamba ce da ke nuna kamun wurin. Ana iya auna ta da sikelin nan: a ja wanda ke zaune a kan buhu a hankali, a karanta allura daidai lokacin da ya fara zamewa, a raba da kilonsa. A wannan misali mu ƙaddara μ ita ce 0.6 a kan busasshen fako. Iyakar abin da ƙasa za ta iya ba 'yan gabas shi ne 0.6 sau 1,800, wato niyuton 1,080. Na 'yan yamma 0.6 sau 1,500, wato 900.

An busa usur. Tsaurin igiya ya hau zuwa 700. Igiya tana jan kowane ɓangare da 700, ƙasa tana mayar wa kowane ɓangare 700, tsumman da ke tsakiyar igiya yana tsaye a kan layi. A lura ƙasa ba ta ba 'yan gabas 1,080 a wannan lokaci. Iya abin da aka nema take bayarwa, har a kai iyakarta. Ɗalibai da yawa suna saka iyakar a lissafi tun ba a kai ta ba, su sami motsi a inda babu.

Tsauri ya ci gaba da hawa: 800, 850, 900. 'Yan gabas suna da sauran rara. 'Yan yamma sun kai bango. Da an ƙara kaɗan ƙafafunsu sun fara zamewa. Kuma ƙafa in ta fara zamewa riƙonta raguwa yake yi, shi ya sa ɓangaren da ya fara tafiya da wuya ya sake tsayawa. Mu ce nasu ya sauka zuwa 750, 'yan gabas kuma suna tura ƙasa iyakar abin da za ta ɗauka, 1,080.

Yanzu a zana babbar da'ira guda ta kewaye kowa da kowa har da igiya. Wannan ita ce haɗa aljihu biyun nan. A cikin wannan da'ira, duk jan da ke tsakanin mutane da igiya na cikin gida ne, kowane aiki yana tare da martaninsa, don haka a nan kam sun fita daga lissafi. Abin da ya rage daga waje turin ƙasa ne kawai: 1,080 zuwa gabas, 750 zuwa yamma. Rarar 330 zuwa gabas. Dokar Newton ta biyu ta ce:

```
F = ma
```

F ita ce rarar ƙarfi, m kilon abin da ke motsi, a kuma yadda gudunsa ke ƙaruwa. Jimillar kilo 330 ce, in aka bar igiya a gefe. Niyuton 330 a raba da kilo 330, ya ba da 1. Wato gudun taron gaba ɗaya zuwa gabas yana ƙaruwa da mita 1 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. A daƙiƙar farko tsumman zai matsa rabin mita.

Sai a koma ƙananan da'irori a nemo tsaurin igiya. 'Yan yamma kilo 150 ne, kuma suna bukatar rarar niyuton 150 kafin gudunsu ya ƙaru haka. Ƙasa tana riƙe su da 750, ke nan igiya tana jan su da 900. 'Yan gabas kilo 180 ne, suna bukatar rarar 180. Ƙasa tana ba su 1,080, ke nan igiya tana jan su baya da 900. Lamba ɗaya ta fito ta hanya biyu. Masu ci suna jin ja na 900, waɗanda ake ci suna jin ja na 900, a daidai lokacin da ake jan su a ƙasa. In lambobin biyu ba su zo ɗaya ba a lissafinka, to akwai kibiyar da ka sa a da'irar da ba tata ba.

Da za a saka nauyin igiya, a ce kilo 2, rarar da take bukata niyuton 2 ce kawai. Bambancin da ke tsakanin bakinta biyu ke nan, 2 cikin kusan 900. Sikelin riɗi ba zai ma nuna shi ba.

Inda wannan lissafi ya tsaya

Ba na son yaro ya tafi da cewa ƙarfin jiki ba shi da amfani. Yana da shi, amma a san inda yake aiki. Hannayen mutum ukun dole su iya riƙe ja na 900 ɗin nan a tsakaninsu ba tare da igiya ta sulluɓe ba, cinya da baya dole su iya isar da shi har ƙasa. In hannu ya gaza kafin ƙafa ta zame, an ci ku ta wata ƙofar. Sannan a ƙasarmu ta jigawa, inda rairayi ya yi yawa, lissafin μ ba ya faɗin komai da komai, domin yara suna kafa diddige su haƙa rami, sai ya zama suna tokare da tudun ƙasa kamar turke. Shi ya sa in ina son lissafi ya yi kusa da abin da aka gani, nakan kai su fako ko daɓe. Kwantawa baya da ake yi ma tana da dalili: igiya tana ja a sama wajen ƙugu, ƙasa tana riƙe da ƙafa a ƙasa, su biyun suna neman kifar da mutum ta fuska, sai ya jingina baya nauyinsa ya hana. Amma duk waɗannan hanyoyi ne na samun ƙarin turi daga ƙasa ko na jure jan. Babu ɗaya a ciki da ke sa ka ja igiya fiye da yadda take jan ka.

Yadda za a gane abokin kowane ƙarfi

A ɗakin jarrabawa ba igiya ba sikeli, don haka ina ba su gwaji na baki. Ka faɗi ƙarfin da cikakkiyar jimla mai suna biyu, sannan ka juya sunayen. Igiya tana jan yaro, abokinsa yaro yana jan igiya. Ƙasa tana tura ƙafa, abokinsa ƙafa tana tura ƙasa. In suna na uku ya shigo, ko kuma duka biyun suka ƙare a kan abu ɗaya, ba aiki da martani ba ne, ko da girmansu ɗaya kuma suna kallon juna.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne buhun gero da ke ajiye a daɓe. Nauyinsa yana ƙasa, daɓe yana tura shi sama, daidai suke, sai a ce aiki da martani ne. A gwada jimlar. Duniya tana jan buhu, abokinsa buhu yana jan duniya. Daɓe yana tura buhu, abokinsa buhu yana danna daɓe. Hulɗa biyu ce daban, ɗaya ta jan duniya ɗaya ta taɓawa. Nauyi da turin daɓe duka a kan buhu suke, sun zo daidai ne don buhun yana zaune. Ɗora shi a bayan a-kori-kura ta faɗa rami a hanyar kasuwa, nan take daidaiton zai rushe, buhun ya yi tsalle.

Mako guda bayan darasin nakan ba su tambaya ɗaya ba tare da sanarwa ba. Sa yana jan amalanke, amalanke yana jan sa da ƙarfi daidai da nasa, to yaya aka yi taki yake isa gona? Ba na karɓar amsar da ba ta da da'ira biyu a zane. Wanda ya gane zai sa jan sa da tirjiyar taya a da'irar amalanke, ya sa jan amalanke da turin ƙasa a kan kofato a da'irar sa, ya nuna inda rara take a kowacce lokacin tashi. Wanda ya rubuta cewa san ya fi amalanken ja, nakan aro sikelan nan in sake fita da shi fili a lokacin tara, in ba shi sanda ɗaya in riƙe ɗaya, in ce ya karanta mini alluran biyu da bakinsa.